Tambarin kamfani a gidan mai: shin kamfanin ne mai wurin, ko wani ne daban?

Manomin_Kadawa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawara. Na sayi fetur jarka biyu, mai lita 25 kowacce, a wani gidan mai da ke bakin titi a yankinmu, domin injin ban ruwa. Ba zan faɗi sunan wurin ba. Gidan man yana ɗauke da tambarin wani babban kamfani da kowa ya sani, fentinsa da rigunan yaran duk na kamfanin ne, shi ya sa ma nake wuce 'yan bumburutu in je can. Da na zuba a inji ya ɗan yi aiki, sai ya fara tari yana mutuwa. Na tsiyayi man a gorar ruwa, na ajiye, sai ga ruwa ya kwanta a ƙasa kusan kaurin yatsa biyu. Na koma wurin, manaja ya ce shi ma'aikaci ne, in jira oga. Na tambayi sunan ogan, ya ƙi faɗa. Ƙanena ya samo lambar kamfanin ya kira, suka ce wai wannan gidan man ba su ke gudanar da shi ba, na dila ne. To ta yaya wuri zai ɗauki sunanka ka ce ba naka ba ne? Kuma ta ina zan gano ainihin mai shi? Tumatirina ya sha ƙishi a lokacin da yake fure, asarar ba ƙarama ba ce.

Ɗan_Kura:
Wa alaikumussalam. Allah ya mayar da alheri. Ni a ganina guje wa nauyi kawai suke yi. Sunan wa ke kan allo? Nasu. To su ne masu wurin. Ka matsa musu.

Tsohon_Manaja:
Allah ya mayar da alheri, Malam. Ɗan_Kura, ba lallai ne ƙarya suka yi masa ba. Na daɗe ina aikin gidan mai, har na riƙe manaja, kuma abin da aka gaya masa yana iya zama gaskiya tsantsa.

Gidajen man da kuke gani da tambarin manyan kamfanoni ba iri ɗaya ba ne, ko da fentinsu ɗaya. Akwai wanda kamfani ne ya gina, kuma shi yake gudanarwa da ma'aikatansa. Irin wannan ya fi yawa a cikin birni da manyan hanyoyi. Akwai wanda fili da gini da tankuna duk na kamfani ne, amma ya damƙa wa wani ɗan kasuwa, wato dila, ya riƙa sayen man da kuɗinsa yana sayarwa, yana ɗaukar yaransa yana biyansu. Sai na uku, wanda nake zargin shi ne naka tunda a karkara ne: wani Alhaji ya sayi filinsa, ya gina gidan mansa, ya binne tankunansa, sannan ya ƙulla yarjejeniya da kamfani. Kamfani ya ba shi izinin amfani da suna da fenti, shi kuma ya yi alkawarin man kamfanin zai riƙa sayarwa, zai kuma bi ƙa'idojinsu. A wannan na ukun, kamfani bai mallaki ko bulo ɗaya a wurin ba. Ranar da yarjejeniya ta ƙare, a sauke allo a sake fenti, gidan man yana nan a hannun mai shi.

Saboda haka kafin ka san wanda za ka riƙe, sai ka san wane iri ne a cikin ukun.

Ɗan_Kura:
To in haka ne mene ne amfanin sunan? Mutum ya bar na gefen hanya ya je can saboda amana.

Tsohon_Manaja:
Yana da amfani, domin kamfanin na da ikon ladabtar da dila, har ya ƙwace sunansa. Zan dawo kan wannan. Amma wanda ya karɓi kuɗinka ya ba ka kaya shi ne dila, kuma shi ne mutum na farko da ke da amsar da zai ba ka.

Ɗalibar_BUK:
Abin bai tsaya ga gidan mai ba. Lemon Coca-Cola da muke sha a nan, kamfanin Nigerian Bottling Company ne yake haɗawa ya zuba a kwalba da izinin masu sunan, kuma yana da masana'anta a Challawa. Shoprite da a da take Ado Bayero Mall ma, tun 2021 kamfanin Afirka ta Kudu ya sayar da harkarsa ta Najeriya ga wani kamfanin cikin gida mai suna Ketron, aka ci gaba da amfani da sunan har aka rufe reshen Kano a farkon 2024. Mutane da yawa suna shiga suna fita ba su san an canja hannu ba.

Bakanike_Bunkure:
Ni ta ɓangaren inji zan yi magana. Yaya, kada ka bari a ce maka injin ya mutu a sayar maka da sabo. Ruwa ya fi fetur nauyi, sai ya gangara ya taru a ƙasan tanki da cikin kofin kabireta, inji ya riƙa jan ruwa maimakon mai. Ka juye tankin kaf, ka kwance ɗan kusan da ke ƙasan kofin ya tsiyaye, a wanke kabireta, a duba fulogi, a zuba mai mai kyau. Yawanci yana tashi. Abin da ke ɓata shi shi ne a bar ruwan ya kwana biyu a ciki har tsatsa ta kama. Amma wata tambaya, kada ka ji haushi: jarkokin nan a bushe suke kafin ka je? Na sha ganin wanda ya ɗebo ruwa da jarka jiya, yau ya kai ta gidan mai.

Manomin_Kadawa:
Ba komai, tambaya ce mai kyau. Jarkokin na mai ne kaɗai, ba a taɓa zuba musu ruwa ba, kuma da murfinsu. Bayan haka maƙwabcin gonata ma a ranar ya saya a can, babur ɗinsa ya yi ta yanke wuta.

Bakanike_Bunkure:
To wannan maƙwabcin naka shi ne babbar shaidarka. Kada ku zubar da sauran man.

Akawun_Lauya:
Assalamu alaikum. Ina aiki a ofishin lauya a Kano, ni ba lauya ba ne, amma irin wannan binciken ni ake sa wa. Malam Manomi, da me ka biya kuɗin? Hannu da hannu, ko kati, ko tiransifa?

Manomin_Kadawa:
Tiransifa na yi. Yaron ya nuna min lambar asusu da aka liƙa a jikin famfo.

Akawun_Lauya:
Alhamdu lillahi, ka sauƙaƙa aikin. Buɗe manhajar bankinka ka nemo rasit ɗin wannan ranar, ka duba sunan wanda kuɗin ya shiga asusunsa. Kada ka rubuto sunan a nan. Ka gaya min kawai: sunan babban kamfanin ne, ko sunan wani kamfani daban, ko sunan mutum? In sunan kamfani ne, da wace kalma ya ƙare?

Manomin_Kadawa:
Na duba. Ba sunan babban kamfanin ba ne sam. Wani suna ne da ban taɓa ji ba, ya ƙare da `Nigeria Limited`.

Akawun_Lauya:
To ga dilanka nan, ko aƙalla kamfanin da ke karɓar cinikin wurin. Yanzu a wayarka ko ta ƙanenka ku shiga shafin binciken Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC:

```
search.cac.gov.ng
```

Ku rubuta sunan kamar yadda yake a rasit. In bai fito ba ku rage shi, ku bar kalmomi biyun farko, domin banki kan gutsure suna in ya yi tsawo. Zai nuna muku cikakken sunan, da lambar rajista, da ranar da aka yi rajistar, da adireshin ofishi, da ko yana `ACTIVE` ko `INACTIVE`.

Lambar nan ku kula da ita sosai. In ta fara da `RC`, kamfani ne, kuma a doka kamfani mutum ne mai zaman kansa, daban da Alhajin da ya kafa shi. Takarda ko ƙara da sunan kamfanin ake yi. In ta fara da `BN`, sunan kasuwanci ne kawai aka yi wa rajista, babu katanga tsakaninsa da mai shi, bashin wurin bashin mutumin ne. Tunda naka ya ƙare da `Limited`, `RC` za ka gani.

Kuma in ka ga `INACTIVE` kada ka ɗauka kamfanin ya mutu. Galibi yana nufin bai shigar da bayanansa na shekara-shekara ba ne. Yana nan, ana iya rubuta masa takarda.

Sunan kamfani bai gaya maka mutum ba tukuna. Don wannan akwai shafi na biyu:

```
bor.cac.gov.ng
```

Rajistar ainihin masu kamfanoni ce, an buɗe ta a 2023. Dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta a bayyana duk wanda ke riƙe da kashi 5 cikin ɗari ko fiye na hannun jari. Ka sa lambar `RC` ɗin, in sun cika nasu za ka ga sunaye. Tsofaffin kamfanonin da ba su sabunta takardunsu ba sau da yawa ba a samun komai a kansu. In hakan ta faru, akwai takardar da ake biya a cira daga CAC, `Status Report`, tana nuna daraktoci da masu hannun jari. Masu shagon intanet da ke yi wa mutane rajistar kamfani sun san ta.

Alhaji_Na_Gezawa:
Duk wannan doguwar hanya ce, 'ya'yana. A ƙauye akwai gidan man da za a gina dagaci bai san mai shi ba? Filin nan gonar wani ce aka saya, mai unguwa ya yi shaida, dagaci ya sa hannu. Ka je ka gaida dagaci ka tambaye shi, ko ka zauna wurin mai shayin da ke kusa da gidan man. Kafin ka shanye kofi ɗaya ka ji sunan mai wurin da garinsu.

Tsohon_Manaja:
Gaskiya ne Baba, kuma ina ba shi shawara ya yi hakan. Sai dai dagaci mai fili ya sani da wanda ya gina. Gidajen mai da yawa yanzu an ba da su haya. Wanda ya gina ya gaji, jari ya karye bayan tsadar mai ta 2023, sai ya ba wani haya na shekaru, shi yana karɓar kuɗinsa kawai. Kun ga an sami mutum uku ke nan: mai suna, mai gini, da mai ciniki. In Malam ya je ya tsare mai gini, zai ce masa shi rabonsa da wurin tun bara. Shi ya sa sunan da ke kan rasit yake da muhimmanci, shi ke nuna inda kuɗin yau yake shiga. A haɗa na dagaci da na rasit, in sun zo ɗaya an huta, in sun bambanta to akwai haya a tsakani.

Alhaji_Na_Gezawa:
Haka ne kuma. Amma ko mai ginin ne, shi ya san wanda ya ba wa haya, kuma maganarsa za ta fi ta manomi shiga kunnensa.

Saurayin_Ringim:
Salam. Don Allah nawa ake buƙata mutum ya buɗe irin wannan gidan man da sunan kamfani? Ina da fili a bakin titi.

Ɗalibar_BUK:
Ɗan'uwa, ba wannan ake tattaunawa ba, bawan Allah asara ya yi yake neman mafita. Ka buɗe naka zancen daban za a amsa maka.

Direban_Tanka:
Ni direba ne, bari in faɗi abin da na sani. Kafin a sauke mai a gidan mai, ana hawa kan mota a duba hatimin kowane ɗaki, a zura sandar awo. Ana shafa wa bakin sandar wani sinadari na musamman, in ya taɓa ruwa sai ya canja launi ya koma ja. Haka kuma ake yi wa tankin ƙasa. Manajan kirki kullum da safe yake zura sanda kafin a fara sayarwa, ya rubuta a littafi. Don haka ruwa kaurin yatsa biyu a gora ba abin da zai ɓuya ba ne in ana awo. Ko dai ba a auna ba, ko an auna an yi shiru.

Kuma kowace mota tana zuwa da takardar lodi, wadda ke nuna daffon da aka ɗauko man da sunan wanda aka ɗauko wa. Wannan takardar tana ofishin manaja.

Tsohon_Manaja:
Madalla da direba, ka kawo ni inda na ce zan dawo. Ruwa yana shiga mai ta hanyoyi kaɗan ne. Ko ya zo da shi a mota, ko tankin ƙasa ya huje ko murfinsa ya lalace ruwa yana tsattsafowa, ko kuma man ya yi ƙasa sosai famfo ya fara jan abin da ya daɗe da kwanciya a gindin tanki. A yankin da ake noman rani ruwa yana kusa da saman ƙasa, tsohon tankin ƙarfe in ya yi tsatsa zai iya shan ruwa ko ba damina.

Kowacce hanya tana nuna mutum daban. In tanki ne ya huje, gyaransa yana kan mai ginin, wanda zai iya zama kamfanin da kansa in wurin irin na biyu ne. In da mota ya zo, sai a duba takardar lodi. In daga daffon kamfani aka yi lodi, to kamfani ba zai ce ba ruwansa ba. In kuwa dila ne ya saci jiki ya sayo mai mai araha a wani wuri ya zuba a ƙarƙashin tambarinsu, ya karya yarjejeniya, kuma wannan shi ne laifin da kamfani ba ya yafewa, domin cinikinsa aka yanke kuma sunansa aka ɓata.

Saboda haka, Malam, kada ka jefar da kamfanin don sun ce na dila ne. Ka canja abin da kake nema a wurinsu. Da ka kira ka ce su biya ka, sun ce ba su ba ne. Yanzu ka rubuta musu cewa an sayar maka da mai mai ruwa a ƙarƙashin tambarinsu, a wuri kaza, rana kaza, ƙarfe kaza, famfo na kaza, ga rasit ga hoto, kana neman su turo jami'insu mai kula da gidajen man yankin ya auna tankin. Kowane babban kamfani yana da irin wannan jami'in da ke zagayawa. Dila ya fi jin tsoronsa a kan kowa.

Ɗan_Kura:
To ai maganata ta dawo. Kamfani na da hannu.

Akawun_Lauya:
Yana iya zama da hannu, Ɗan_Kura, amma ba don sunansa na kan allo kaɗai ba. A Najeriya babu wata doka guda da aka keɓe don wannan harkar ta ba da suna, yarjejeniyar da ke tsakaninsu ce ke raba nauyi, kuma kusan kullum tana cewa dila ɗan kasuwa ne mai cin gashin kansa, ba wakili ba. Kai mai saye ba za ka ga takardar ba. Abin da ke taimakonka shi ne dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC. Ta ɗora alhakin ɓarnar kaya mai aibi a kan wanda ya samar da shi, ko da ba hannu da hannu kuka yi ciniki ba. Wato in aka tabbatar man ya baro daffo da aibinsa, ana iya bin sawu har sama. Ku tuna farkon 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙima, motoci suka lalace, aka yi dogayen layuka. Wancan ba laifin yaron famfo ba ne ko dilan ƙauye, daga sama ya gangaro. Amma tabbatar da hakan a kan jarka biyu aiki ne, shi ya sa ake fara wa da wanda ya karɓi kuɗi.

Maman_Khalifa:
Ku yi haƙuri in shigo da nawa, don ya yi kama. Ɗana ya yi aikin sayar da mai a wani gidan mai mai tambari, yana sa rigar kamfani, muna murna ya sami aikin kamfani. Aka riƙe masa albashin watanni, ga shi kullum ana cewa ya yi gibi a ciniki ana yanka. Da ya bar aikin babansa ya je ofishin kamfanin a birni, aka duba aka ce ba su da sunansa a ma'aikatansu. Ko takardar ɗaukar aiki ba a ba shi ba. Har yau kuɗin bai fito ba. Shi ma wannan hanyar za mu bi?

Akawun_Lauya:
Hajiya, Allah ya fitar masa da haƙƙinsa. Hanyar gano mutumin ɗaya ce. Ku duba watannin da aka biya shi, daga wane asusu kuɗin ya shigo. In hannu da hannu ne, ya tuna sunan da ke fitowa a takardar POS ɗin da yake ba masu saye. Wanda ya ɗauke shi yake biyansa shi ne ubangidansa, riga ba ta mayar da shi ma'aikacin kamfani. Amma inda za a kai kuka ya bambanta, nasa maganar ƙwadago ce, akwai ofishin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya a Kano. Kafin nan ku gwada dattawa.

Tsohon_Manaja:
Ƙari kaɗan kan takardar POS. Wani lokaci sunan da ke kai na manaja ne, ko na wani mai POS da ya kafa tebur a wurin yana karɓar kati ya ba gidan man tsabar kuɗi. In kun ga sunan mutum ɗaya ba kamfani ba, kada ku yi saurin cewa shi ne mai wurin. A irin wannan sai a nemi gani na biyu: lasisin gidan man. Hukumar NMDPRA mai sa ido kan gidajen mai ce ke bayarwa, ita ta gaji DPR bayan dokar man fetur ta 2021. Yawanci yana rataye a bangon ofishin manaja cikin gilashi, da sunan wanda aka ba wa da adireshin wurin. Ka shiga ka yi sallama, idonka ya kai bango. In sunan babban kamfanin ne a lasisi amma kuɗi na shiga asusun wani, to kusan tabbas wurin na kamfani ne dila ke riƙe da shi. In suna ɗaya ne a lasisi da rasit, kuma ba na babban kamfanin ba, to mai wurin ne da kansa yake aron tambari.

Malam_Mai_Almajirai:
Assalamu alaikum. Ta fuskar shari'a ma maganar tana da tushe. Malamai sun bambanta wakili da mai saye ya sayar. Wakili yana sayar da kayan wani ne da izininsa, shi kuwa wanda ya sayi kaya ya mallaka sannan ya sayar, cinikinsa ne. Kuma wanda ya sayi abu ya tarar da aibin da aka ɓoye masa yana da haƙƙin ya mayar a ba shi kuɗinsa. In mai wurin ya san da ruwan ya ci gaba da sayarwa, algus ne, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Amma ina jan hankalin mai tambaya, kada ya yanke wa mutumin hukunci kafin ya ji ta bakinsa. Mai yiwuwa yaransa ne suka ɓoye masa.

Manomin_Kadawa:
Allah ya gafarta Malam, na ji kuma na karɓa. Ga inda aka kwana. Ƙanena ya yi binciken. Kamfanin ya fito da lambar `RC`, adireshinsa a cikin birnin Kano, an rubuta `INACTIVE`. A shafi na biyu ba mu sami komai ba. Na je wurin dagaci kamar yadda Baba ya ce, ya gaya min wanda ya gina wurin, amma ya ce yana jin an ba da haya, don ya daina ganinsa. Na leƙa ofishin manaja, akwai takarda a bango, sai dai sunan da ke jiki ba na rasit ba ne, ba kuma na babban kamfanin ba ne. Ya yi kama da sunan gidan su wanda dagaci ya faɗa.

Tsohon_Manaja:
To hoton ya fito. Mai gini shi ke da lasisi, kuma mai yiwuwa shi ya ƙulla yarjejeniya da kamfani tun farko. Daga baya ya ba wani haya, kuma wannan ɗan hayar shi ne na rasit. Abin tambaya yanzu: kamfani ya san da hayar? Yawancin yarjejeniyoyin nan ba sa barin dila ya miƙa wa wani wurin ba da izini ba. In ba su sani ba, mai ginin zai fi kowa son a kashe maganar kafin ta kai musu.

Akawun_Lauya:
Na yarda. Ni dai ga yadda zan yi in ni ne. Takarda ɗaya, shafi ɗaya, da sunan kamfanin da ke kan rasit. A rubuta rana da lokaci, lita 50, kuɗin da aka tura, kuɗin gyaran inji da rasit ɗin bakanike, da sunan maƙwabcin in ya amince. A ba su mako biyu. A kai kwafi ɗaya wa manaja ya sa hannu a naka cewa ya karɓa, ɗaya wa mai gini ta hannun dagaci, ɗaya wa babban kamfanin. Sauran man a bar shi a jarkarsa a rufe, a inuwa, nesa da wuta da yara. In mako biyu ya wuce shiru, sai ofishin NMDPRA na Kano, su ke da ikon auna tanki su rufe famfo. Akwai kuma hukumar kare masu saye ta jiha, da kotun ƙananan ƙararraki wadda ba sai da lauya ba.

Amma in faɗa maka gaskiya, kuɗin mai da na gyara su ne masu sauƙin samu. Asarar tumatir tana da wuyar tabbatarwa, za su ce me ya hana ka ari inji ko ka sayi wani man a ranar.

Ɗan_Auyo:
A nan ban yarda da kai ba. Wanda bai yi noman rani ba bai san cewa a lokacin fure kowa injinsa na bakin aiki ba, babu mai ba ka aro. Mu nan Auyo in ruwa ya tsallake maka a wannan gaɓar furen zubewa yake. Ya sa asarar a takarda, ko ba a biya duka ba a san an yi ta.

Akawun_Lauya:
Ya sa, ban hana ba. Ya ɗauki hoton gonar yanzu, ya kuma samu manomi biyu su ƙiyasta. Ina dai gaya masa inda za a ja ne.

Direban_Tanka:
Ku hanzarta dai. In suka zuƙe ruwan da daddare, wanda zai zo awo ba zai ga komai ba.

Alhaji_Na_Gezawa:
Ni har yanzu ina ganin a fara zama gaban dagaci kafin takarda ta tafi birni. Gidan man nan shi kaɗai ne kusa da ku, gobe ma can za ku saya. In aka rufe shi, ku ne za ku koma hannun 'yan bumburutu.

Ɗalibar_BUK:
Baba, in kuma tankin ne ya huje fa? Sulhu zai biya mutum ɗaya, gobe wani ya saya. Ko an zauna gaban dagaci, a sa sharaɗin a zura sanda a gaban mutane.

Manomin_Kadawa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Dagaci ya ce zai aika wa mai ginin ya zo ranar kasuwa. Zan rubuta takardar in riƙe a hannu, in kuma nemi a yi awon a gabanmu kamar yadda 'yar'uwa ta ce. Tsohon_Manaja, in mai ginin ya ce shi ba ruwansa tunda ya ba da haya, alhali sunansa ne a lasisi, wa hukuma za ta kama a cikinsu?

Tsohon_Manaja:
Hukuma mai lasisi ta sani, shi za ta fara nema. Kuɗinka kuwa yana wurin ɗan haya. Ka nemi a zo da shi zaman, kada a yi ba shi, kuma ka roƙi a fito da littafin awon safiya na ranar da ka saya da takardar lodin motar ƙarshe.